Mamba a Kwance, Wata a Tsaye: Yadda Ake Tsara Jadawalin Zubin Ƙungiyar Gama Kai

Ranar babban taron shekara na ƙungiyar gama kai, tambayoyi biyu ne ke jiran ma'aji tun kafin ya zauna. Mamba zai miƙe ya ce, "Malam Ma'aji, nawa na tara bana?" Shugaba kuma zai juyo ya ce, "Nawa ne ya shigo a watan Maris?" Amsoshin duka suna cikin littafin rasit, sai dai a warwatse suke, domin shi wannan littafi yana bin ranaku ne: wanda ya kawo kuɗi yau a rubuta shi yau, wanda ya kawo gobe ya biyo baya. Ƙungiya mai mambobi 60 da ke zubi duk wata za ta tara rubutu 720 a shekara, idan ma kowa ya biya a kan kari kuma lokaci guda. Ma'ajin da zai tsinto rubutu 12 na mutum ɗaya daga cikin 720 a gaban jama'a, gumi zai yi ko da sanyin hunturu ne.

Maganin wannan shi ne jadawali guda, inda kowane mamba ke da layinsa a kwance, kowane wata ke da layinsa a tsaye, kuɗin kuma ya zauna a gidan da layukan biyu suka haɗu. A ƙarshen dama a rubuta jimlar kowane mamba, a can ƙasa a rubuta jimlar kowane wata. Ruliya da biro sun isa a zana shi. Wahalar ba ta cikin zanen, tana cikin shawarwari biyu ko uku da dole a yanke kafin a sa adadi na farko.

Uwar adashi ba ta cika bukatar wannan ba, don zubin adashi ana kwashe shi ne a miƙa wa mai ɗauka, kuɗi ba ya kwana da yawa a hannunta. Ƙungiyar gama kai kuwa tana riƙe kuɗin mutane shekara da shekaru, tana ba da bashi daga ciki, tana sayen shinkafa da sukari ta raba wa mambobi gabanin azumi, tana kuma raba riba. Shi ya sa doka ta sa mata ido. Tun dokar farko ta 1935, wadda ta biyo bayan rahoton C. F. Strickland na 1934, har zuwa dokar tarayya ta 1993, ƙungiya mai rajista tana ƙarƙashin binciken lissafi na shekara-shekara. Jami'in da zai zo wannan bincike zai so ya ga cewa abin da ƙungiya ta ce tana riƙe wa mambobinta ya yi daidai da abin da ke gaban sunan kowa in an haɗa. Jadawalin zubi ne ke nuna masa haka a shafi ɗaya.

Layin tsaye na farko na lambar mamba ne, suna ya zo na biyu. A ƙungiyar malaman makaranta ko ta 'yan kasuwa ba abin mamaki ba ne a sami mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ko mace a rubuta ta yau da sunan mahaifinta, gobe da na mijinta, jibi da laƙabin da aka san ta da shi a unguwa. Lamba ba ta canzawa, kuma ba a ba wa sabon mamba lambar wanda ya fita ko ya rasu. Layin tsaye na uku na abin da mamba ya shigo da shi ne daga bara. Daga nan sai watanni 12, sai jimlar bana, sai jimlar duka.

Shawara mafi nauyi ita ce ma'anar sunan watan da ke saman layi. In an rubuta Fabrairu, ana nufin kuɗin da ya shigo hannun ma'aji a Fabrairu, ko kuwa kuɗin da aka biya domin Fabrairu ko da yaushe ya shigo? Abubuwa biyu ne daban, kuma yawancin rigimar da ake yi a kan jadawali daga cakuɗa su take tasowa.

A ɗauki misalin wata 'yar ƙaramar ƙungiya mai mambobi biyar, zubin kowa Naira 5,000 a wata, a duba watanni huɗu na farkon shekara. Mai lamba M01 ya biya kowane wata a kan lokaci. Mai lamba M02 bai kawo komai a Fabrairu ba, sai a Maris ya kawo 10,000 ya ce a cike masa na baya. Mai lamba M03 ta sayar da amfanin gona a Janairu, ta zube 15,000 na wata uku, sannan ta kawo na Afrilu a lokacinsa. Mai lamba M04 a Maris ya shiga ƙungiyar. Mai lamba M05 ya biya Janairu da Maris cikakku, a Fabrairu 3,000 kawai ya samu, a Afrilu bai leƙo ba. Idan aka jera kuɗin bisa watan da aka biya dominsa, ga yadda zai fito:

| Lamba | Janairu | Fabrairu | Maris | Afrilu | Jimla |
|---|---|---|---|---|---|
| M01 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 20,000 |
| M02 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 20,000 |
| M03 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 5,000 | 20,000 |
| M04 | — | — | 5,000 | 5,000 | 10,000 |
| M05 | 5,000 | 3,000 | 5,000 | 0 | 13,000 |
| Jimla | 20,000 | 18,000 | 25,000 | 20,000 | 83,000 |

Kallo ɗaya ya isa a gane wanda ake bi. Abin da ya kamata ya shigo 90,000 ne, wato 20,000 daga mutum huɗu da 10,000 daga sabon mamba. Abin da ke ƙasa 83,000 ne. Giɓin 7,000 duk yana layin M05: 2,000 na Fabrairu da 5,000 na Afrilu.

To amma a ce shugaba ya ɗauki wannan takarda ya ga 18,000 a ƙarƙashin Fabrairu, ya je ya duba takardar banki. Abin da zai tarar 8,000 ne, domin a wannan wata M01 da M05 kaɗai suka kawo kuɗi. A Janairu kuma jadawali ya ce 20,000, alhali 30,000 ne suka shigo, saboda 15,000 ɗin M03. Shugaban da bai san yadda aka tsara jadawalin ba zai iya cewa 10,000 sun yi ɓatan dabo a Fabrairu, kuma daga irin wannan ne ake fara yi wa ma'aji kallon ɓarawo alhali ko kwabo bai taɓa ba.

Kowane tsari da aikinsa. Jerin watan da aka biya dominsa yana nuna wanda ya cika da wanda ake bi. Jerin watan da kuɗi ya shigo shi ne ke tafiya daidai da banki da akwatin ma'aji. Ƙungiyar da za ta iya riƙe duka biyun ta fi kwanciyar hankali. Wadda ba za ta iya ba, ta zaɓi ɗaya ta rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman shafi. Ga mai aiki da biro da takarda, jerin watan shigowar kuɗi ya fi aminci, domin ba ya tilasta wa kowa ya koma ya taɓa watan da aka riga aka rufe, sai dai a ƙara layin tsaye biyu a ƙarshe: abin da ya kamata mamba ya biya zuwa yanzu, da abin da ya rage masa. Da wannan ma za a ga 7,000 ɗin M05, ko da ba a ga watannin da suka haifar da shi ba.

Ƙungiyoyin ma'aikata da ake cire wa zubi daga albashi sun fi kowa sanin wannan matsala. An cire kuɗin daga albashin Janairu, mamba ya gani a takardar albashinsa, amma ofishin biya bai tura wa ƙungiya ba sai cikin Fabrairu ko ma Maris. A wurin mamba ya biya Janairu, kuma yana da gaskiya. A wurin banki babu abin da ya shigo. Irin waɗannan ƙungiyoyi gara su cika jadawali daga jerin sunayen da ofishin biya ya aiko, a watan da aka cire, sannan a ƙasan jimlar kowane wata su ƙara layi biyu a kwance: nawa aka turo, nawa ya saura a hannun ofis.

Akwai wani ɗan bambanci a cikin jadawalin da ke sama wanda bai kamata a wuce shi ba. Gidajen M04 na Janairu da Fabrairu an ja musu ɗan layi, gidan M05 na Afrilu kuma an sa sifili. Ɗan layin yana cewa ba a bin wannan mutum komai, don bai shigo ba tukuna. Sifili yana cewa an duba, bai biya ba, ana binsa. Gidan da aka bari fayau kuwa ba ya cewa komai: ko bai biya ba, ko an manta ba a shigar ba, ko kuma an bar wa mai mugun nufi fili ya cike daga baya. Da zarar an rufe wata, kada gida ɗaya ya kwana babu rubutu.

Haka kuma jadawali ɗaya nau'in kuɗi ɗaya yake ɗauka. Mamba kan miƙo 12,000 a dunƙule, a ciki 5,000 zubi ne, 6,000 biyan bashi, 1,000 tarar makara. Idan aka zuba 12,000 ɗin a gidan zubi, an ƙara masa ajiyar da ba tasa ba, kuma bashinsa bai ragu a takarda ba. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, domin ƙungiyoyi da yawa suna auna bashin da mamba zai iya karɓa da yawan ajiyarsa, galibi ninki biyu, kuma da ita suke auna rabonsa na riba. Tun a kan rasit ake rarraba kuɗin, kowane kashi ya tafi jadawalinsa.

Gida mafi daraja a shafin shi ne na kusurwar ƙasa ta dama, inda 83,000 ya zauna. Ta hanya biyu ake isa gare shi. A haɗa jimlolin mambobi daga sama zuwa ƙasa: 20,000 sau uku, da 10,000, da 13,000. A kuma haɗa jimlolin watanni daga hagu zuwa dama: 20,000 da 18,000 da 25,000 da 20,000. Dole su ba da abu ɗaya, tunda kuɗi ɗaya ne aka ƙirga ta fuska biyu. Sannan akwai shaida ta uku daga wajen shafin, wato jimlar littafin rasit na wannan lokaci.

Idan suka saɓa, girman saɓanin kan nuna inda za a duba. In ya zo daidai da zubin wata ɗaya, an tsallake wani gida ne ko an ƙirga shi sau biyu. In kuwa saɓanin yana rabuwa da 9 ba saura, a fara zargin an juya lambobi. A ce wajen kwafe jimlar M05 an rubuta 31,000 maimakon 13,000: haɗin mambobi zai ba da 101,000, na watanni 83,000, tsakaninsu 18,000, wanda 9 ke raba shi cif. Haka in sifili ya faɗi, 5,000 ya koma 500, saɓanin 4,500 ne, shi ma 9 na raba shi. Tsofaffin akawu sun daɗe da wannan dabara, kuma tana rage wa mutum daren da zai kwana yana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai kusurwa tana da makanta. Idan aka ɗauki 5,000 ɗin M02 aka rubuta a layin M05 a cikin wata guda, jimlar watan ba za ta motsa ba, babbar jimla ba za ta motsa ba, littafin rasit ma zai yarda. Lissafi ya daidaita, amma an ɗauki haƙƙin wani an ba wani. Abin da ke kama wannan kuskure shi ne katin zubi ko ɗan littafin da ke hannun mamba, wanda ma'aji ke sa wa hannu duk ranar biya. Don haka ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi kan ware lokaci, ko da sau ɗaya a wata uku, kowa ya zo da katinsa a gwada da layinsa. Irin wannan kuskure ya ƙaru tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da mutane da yawa suka koma tura kuɗi ta waya. Saƙon banki kan zo da sunan miji, ko ɗa, ko mai shagon tura kuɗi na bakin titi, ba sunan mamba ba. Kuɗin da ba a tabbatar da mai shi ba, kada a yi masa cinke: a buɗe masa layi na musamman a ƙasan mambobi, a kira shi "ba a gano mai shi ba", ya zauna nan cikin jimla har mai shi ya zo da shaidarsa. A kuma roƙi mambobi su riƙa rubuta lambarsu a wurin bayanin turawa.

Wanda ke da kwamfuta ko babbar waya, aikin zai yi masa sauƙi da Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc, da sharaɗi ɗaya: kada ya buga adadi da hannu a cikin jadawalin. Shafi biyu zai buɗe. Na farko, mai suna Rasit, kwafin littafin rasit ne, kowane biya layi ɗaya: A kwanan wata, B lambar rasit, C lambar mamba, D watan da aka biya dominsa, E adadin kuɗi, F nau'in kuɗi. 10,000 ɗin da M02 ya kawo a Maris zai shiga a layi biyu masu kwanan wata ɗaya da lambar rasit ɗaya, na farko Fabrairu, na biyu Maris. A shafi na biyu lambobin mambobi suna layin A, sunaye a B, sunayen watanni kuma suna jere a sama daga C1 zuwa N1. A gidan C2 sai a rubuta:

```
=SUMIFS(Rasit!$E:$E,Rasit!$C:$C,$A2,Rasit!$D:$D,C$1,Rasit!$F:$F,"Zubi")
```

Abin da wannan ke cewa shi ne: je shafin Rasit, haɗa duk kuɗin da lambar mambansa ta dace da ta wannan layi, watansa ya dace da na sama, nau'insa kuma zubi ne. Alamar `$` ita ke riƙe A da layi na 1 kada su zame, don haka sau ɗaya ake rubutawa a ja shi ya cika sauran gidajen. Jimlar mamba a O2 ita ce `=SUM(C2:N2)`, jimlar wata kuma ga mambobi 60 ita ce `=SUM(C2:C61)`. Ma'ajin da ke Maradi ko Damagaram, in Excel ɗinsa na Faransanci ne, zai rubuta `SOMME.SI.ENS` da `SOMME`, ya kuma raba sassan da `;` a maimakon waƙafi. Ribar wannan tsari ita ce, tunda kowane biya yana ɗauke da ranar shigowarsa da watan da aka biya dominsa, ana iya fitar da jadawalin iri biyun daga shafi ɗaya, wanda zai tafi da banki da wanda zai nuna masu bashi.

Na'ura ba ta kuskuren haɗi, don haka gwada jimlar kwance da ta tsaye ba ya kama abu da yawa a nan. Gwajin da ke da amfani shi ne a cire babbar jimla daga jimlar zubin da ke shafin Rasit, a ajiye sakamakon a gidan da ido zai riƙa faɗawa:

```
=SUMIFS(Rasit!$E:$E,Rasit!$F:$F,"Zubi")-O62
```

In ba sifili ya fito ba, akwai kuɗin da bai sami gida ba. Dalilan sanannu ne. An buga MO2 da harafin O maimakon M02 da sifili, ko an rubuta Febrairu a wani wuri alhali a sama Fabrairu ne, sai SUMIFS ya wuce layin shiru ba tare da ya koka ba. Ko an ƙara sabon mamba a ƙasan na ƙarshe, jimlar wata ba ta kai kansa ba. Akwai kuma wanda ya fi su wayo: in aka buga N5,000 da harafi a gaba, na'ura ta ɗauke shi rubutu ne ba adadi ba, duka ɓangarorin biyu su tsallake shi, gwajin ya nuna sifili alhali kuɗi ya ɓace. Ana gane shi don yakan jingina hagu a cikin gida, adadi na gaskiya kuwa dama yake jingina, kuma littafin takarda da banki ne za su tona shi. Sa harafin M a gaban lambar mamba ma da dalili, don Excel kan share sifilin farko ya mayar da 002 zuwa 2. SUMIFS kuma sifili yake ba wa duk gidan da bai sami kuɗi ba, har na wanda bai shigo ba tukuna, saboda haka a ƙara layin tsaye na watan shigar kowane mamba, don kada a bi M04 bashin Janairu.

Rufe shekara na da nasa tarko. A misalin sama jadawalin iri biyu sun haɗu a 83,000 ne kawai saboda babu wanda ya biya watan da ya wuce Afrilu. Idan a Disamba wani ya biya har da Janairun baɗi, kuɗin yana banki amma ba shi da gida a watanni 12 na bana, haka ma wanda ya zo a Fabrairu ya biya bashin Nuwamban bara. Ana buɗe musu layin tsaye biyu, ɗaya kafin Janairu na biyan bashin bara, ɗaya bayan Disamba na kuɗin gaba, su shiga cikin jimla. Bayan haka a buga jadawalin a takarda, ma'aji da sakatare da masu binciken lissafi su sa hannu, jimlar duka ta kowane mamba ta koma layin "daga bara" a sabon shafi. Wanda ya fita ya karɓi ajiyarsa ba a goge layinsa: a rubuta abin da aka mayar masa a layin tsaye na fitar kuɗi, da lambar takardar da ya sa wa hannu, jimlarsa ta koma sifili, sai a shekara mai zuwa a bar shi a baya.